Fuskar da Za Ta Hau Jirgi

Ma'aikaciyar ofishin biza ta ɗaga hoton, ta dubi Mama a keken marasa lafiya, ta sake duban hoton. Sau uku tana yin haka. Can ta ajiye shi gefe, ta yafito Auta da yatsa ta matso kusa da gilashin kanta.

"'Yar'uwa, wa ya gyara hoton nan?"

"Gyara kuma? Haske kawai aka ɗan ƙara masa."

"Haske ba ya ɗaga baki," in ji ma'aikaciyar, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ya kuma buɗe ido."

Auta ce da kanta ta gyara, a wayarta. Sana'arta ke nan, ɗaukar hotunan jakunkuna da takalma tana sayarwa a intanet, kuma hannunta ya faɗa har ta kan mayar da tsohon takalmi amarya. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mama a bakin famfo. Ta tashi da ranta, amma gefen hagu na fuskarta ya zube: baki ya karkace, fatar ido ta sauko rabi. Mama kuwa tsohuwar shugabar makaranta ce, mai tsafta da ji da kai, wadda ba ta taɓa fita ko ƙofar gida ba sai ta tsaya gaban madubi. Shi ya sa kafin a sallamo ta daga asibiti Auta ta cire madubin ɗakinta da na banɗaki, ta ce masu fenti ne suka fasa. Da batun hoto ya taso, sai ta kwafi gefen dama mai lafiya ta juya shi ya rufe na hagu, ta goge tabon faɗuwar da ke goshi, ta sa farin bango a baya. Ta kai aka wanke guda huɗu. Mama ta karɓa ta duba, ta mayar mata.

Yanzu ga inda aka kwana. Likitoci sun ce jijiyar wuyan Mama ta kusa toshewa, in ba a yi aiki ba ciwon na iya dawowa, kuma na biyu ba ya sallama. Yaya, babban wan Auta da ke aiki a ƙasar waje, ya samo mata rana a wani asibiti can, saura mako uku.

"Ki taimaka," in ji Auta. "Ai ita ce. Ga ta nan a gabanki."

"Ita ce a gabana, amma ba ita ce a takarda ba. Yanzu in na karɓa, za a shiga da ita ciki a ɗauki yatsunta, a ɗauki fuskarta da kyamararmu. Na'ura ba ta san kyau ba, awo take yi: daga ido zuwa ido, daga hanci zuwa gefen baki. Za ta gwada biyun ta ga ba su hau ba. Kuma masu dubawa sun san hannun gyara, babu ɗan Adam da ɓarin fuskarsa biyu suke daidai kamar an raba lemo. Dubi gefen mayafinta ma, inda aka yanke bango, ya yi kamar an bi shi da reza. In na tura wannan, mafi sauƙi a dawo muku da shi bayan kwana goma. In aka ɗauka ɓoye kama ake yi, sai a hana gaba ɗaya."

"To ya zan yi?"

"Ki kawo sabo, yadda take yau. Ciwo ba laifi ba ne, ga takardar likita a cikin fayil ɗinku ta yi bayani. Sha biyu muke rufe karɓa." Ta duba kwamfuta. "In kin wuce yau, babu gurbi sai bayan mako biyar."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti ashirin da biyu.

"Me... ta ce?" Mama ta tambaya. Tun ciwon maganarta a ja take fita, kalma na jiran kalma.

"Girman hoton ne bai yi ba, Mama," in ji Auta, tana kallon hannun keken. Ta juya shi da sauri suka fita.

Shagon mai hoto na tsallaken titi, tsakanin mai kwafin takardu da mai sayar da katin waya. Motoci sun ƙi tsayawa, sai da mai gadin ofishin ya fito ya ɗaga musu hannu. A ƙofar shagon akwai matakala biyu. Mai hoton, wani dattijo siriri mai tabarau rataye a wuya, ya fito ya kama gaban keken suka ɗaga tare.

"Sannu, Hajiya. An koro ku ke nan? Kada ki damu, rabin abincina daga korarsu yake fitowa."

Auta ta ja shi gefe, bayan labule, ta nuna masa hoton da aka ƙi. Ya sa tabarau ya duba, ya yi ɗan tsaki.

"Aikin ya yi kyau. Da na bango ne, da na ce a sa masa firam."

"Baba, don Allah, in ka ɗauka ka ɗan ɗaga bakin kaɗan. Kaɗan kawai, yadda ba za su gane ba. Ba ta san yadda ta koma ba."

"'Yata, shekara talatin ina wannan aiki. Abin da hannuna zai yi bayan na danna bai fi uku ba: in yanka hoton ya zo daidai awon da suke so, in miƙe shi in kyamara ce ta karkace, in daidaita haske a kan hoton gaba ɗaya in ya ɗan yi duhu, shi ma ba har launin fata ya canza ba. Fuska kuwa ba na taɓawa. Ko ƙurji ba na gogewa, balle baki. Jan ido ma in ya fito sake ɗauka nake yi. Duk gyaran da kike so, ki yi shi yanzu, kafin in danna."

"Ko tabon goshin?"

"Shi ne ma shaidarta. Mu je, lokaci ba ya jiranmu."

Sha ɗaya da minti talatin da biyar. Ya tura keken gaban farin kyalle, ya lulluɓa wani farin a bayan keken don kada baƙin ƙarfen ya fito. Ya ce a ja mayafin baya kaɗan, goshi da haɓa da gefen kumatu su fito sarai. Auta ta ja daga baya, ta inda ta saba yin komai. Ya danna. Inuwa ta faɗo a bango ta gefen hagu.

"Wannan ai sai ka goge a kwamfuta," in ji Auta.

"Sai in matsar da fitila," ya ce, ya matsar.

Ya sake dannawa. Wannan karon kan Mama ya zame zuwa kafaɗa. Auta ta sa hannu ta tallafe.

"Hannunki ya fito. Ba a son kowa a ciki sai ita."

Ya naɗe tawul ya cusa a bayan kafaɗar, ƙarƙashin farin kyallen. Kan ya miƙe. Amma idon Mama ya ƙi zama a kyamara, sai bin Auta yake yi duk inda ta gusa. Sha ɗaya da minti arba'in da uku. Zufa ta jiƙa wa Auta baya, ga wayarta na ta ruri a jaka, ta san Yaya ne.

"Ke take nema," in ji mai hoton. "Zo ki tsaya a bayana, kanki daidai saman kyamara. Ki dube ta, ita ma za ta dube ki."

Auta ta zo ta tsaya. Ta dubi farin kyallen. Ta dubi tawul. Ta dubi mayafin.

"Auta," in ji Mama. "Nan... nake."

Sai ta duba. Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce: wata huɗu tana yi wa matar nan wanka, tana ba ta abinci a baki, tana juya ta a gado, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarta ba. Kullum daga gefe, kullum daga baya. Yanzu ga bakin da ya karkace, ga idon da ya sauko, ga ɗan yawu ya taru a gefen leɓe. A cikin idon dama kuma ga shugabar makaranta nan zaune daram, tana kallonta irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya zo da ƙarya.

"Kin ɗauke... madubi," in ji Mama. "Kin manta... talabijin. In an kashe... ina ganin kaina. Kullum."

"Mama..."

"Na saba... da ita. Ke ce... ba ki saba ba. Da kika kawo... wancan hoton... na ce, to. Waccan uwar... take so."

Kuka ya taso wa Auta. Ta yi zaton tana kare Mama ne, ashe kanta take karewa, ita kuwa tsohuwar tana haɗiye abin ita kaɗai.

"Kukan a bari sai an fito daga ofis," in ji mai hoton a hankali. "Ga hankici. Gefen bakin nan, wannan gyaran halal ne."

Auta ta durƙusa gaban keken. Ta goge yawun, ta daidaita mayafin daga gaba, ido cikin ido. Ta koma bayan kyamara, ba ta ƙara kawar da kai ba. Mama ta rufe baki iyakar yadda yake rufuwa. Fitila ta haska.

Mai hoton ya yanka shi a kwamfuta, kai a tsakiya, ya duba awo, bai taɓa komai ba bayan haka. Injin ya yi ta gurnani kamar da gayya kafin ya tofo guda huɗu. Mama ta miƙa hannun dama, Auta ta ba ta. Ta daɗe tana dubawa.

"Yawwa," ta ce. "Wannan... ita ce mara lafiyar. Ita likita... zai yanka."

Saura minti huɗu suka shiga, mai gadi har ya kama ƙofa. Ma'aikaciyar ta ɗaga sabon hoton, ta dubi Mama, sau ɗaya tak. Ta maƙala shi a fom, ta buga hatimi, ta ce su wuce ɗakin ɗaukar yatsu. Sannan ta turo tsohon hoton ta ƙasan gilashi.

"Wannan naku ne."

Auta ta kai hannu za ta dunƙule shi, Mama ta riƙe mata tsintsiyar hannu.

"Ajiye... ko wani zai zo... neman aurena."

Ma'aikaciyar ta tuntsire da dariya. Mama ma ta yi, da rabin bakin da ya rage mata, yawu ya sake gangarowa. Auta ta zagayo ta gaba, ta durƙusa, ta goge.