Ke Ai 'Yar Gida Ce

Ranar da Auta ta fara koyon aiki a kamfanin da makarantarsu ta tura ta, ma'aikacin ofishin ma'aikata ya miƙa mata takardar ranar farko. Sai ta je a yi mata katin shiga, a buɗe mata asusu a kwamfuta, ta sa hannu a kan lokacin aiki, takwas zuwa huɗu, sannan a rubuta wanda zai duba aikinta.

Sakatariyar manaja, ƙanwar mahaifiyar Auta, wadda Auta ke kira Anti, ta hango layin da ke ƙofar masu yin kati, ta ja tsaki.

"'Yar yayata ce za ta tsaya nan kamar mai neman taimako? Kawo takardar. Ke ai 'yar gida ce."

Ta jefa ta a durowa da niyyar gobe. To, goben ofis kuwa kun san halinta.

Kullum tare suke zuwa, Anti ta ɗora katinta, ƙofa ta buɗe, su shige su biyu. Ta ba Auta lambar sirrinta da tsohuwar kwamfutar da ke bayan kabad. Wa za ta kai wa aiki? "Ni mana. Bar waɗancan, sai su yi ta wahalar da ke."

Yarinya kuwa ba ta da son jiki. Ta tsara fayilolin da kowa ke gudu, rahoton wata ya daina makara, har manaja ya yaba wa sakatariyarsa a gaban taro. Anti ta yi murmushi, a ranta tana cewa ɗiyarmu ce.

Da wa'adi ya cika, makarantar su Auta ta nemi rajistar zuwa aiki da sa hannun mai duba ta, in babu ba za a yaye ta bana ba. Aka duba. Ƙofa ba ta san ta ba. Duk abin da ta buga da sunan Anti ya fita. Mai dubawa kuwa ba a taɓa naɗa mata ba.

Anti ta shiga wajen manaja.

"Ranka ya daɗe, wallahi kullum tana nan."

"Na sha ganinta, na ɗauka rakiya take yi miki. Ban duba aikinta ba, ba zan sa hannu in ce na duba ba. Maganar lambar sirrinki kuma, za mu zauna. Ta dawo baɗi mu fara daidai."

Baɗi! Shekara guda ta ɗiyar yayarta, ita ta cinye ta da hannunta, don kawai ta hutar da ita tsayuwar layi. Da ma zaginta yarinyar ta yi, da ta fi samun sauƙi.

Auta na zaune a bayan kabad, ta riga ta haɗa jakarta.

"Anti, don Allah kar ki gaya wa Mama tukuna," ta ce a hankali. "Kullum addu'a take miki. Bari in ce ni ce na yi sakaci."