'Yan Biyu da Canjin Jami'a

Da hantsi ne, ruwan da aka wayi gari da shi ya ɗauke, rana ta fito fes, muka iso Anka daga Gummi ni da matata Zulai. Ranar nan ban ɗauki fasinja ba. Ita na ɗauko a fijon da nake ja, da 'yan biyunmu, Hassan da Usaina. Wurin kawunta muka zo, Kawu Bature, wanda ke zama da tafireta gindin itacen bedi a bakin kotu yana buga wa mutane takardun ƙara.

Zulai ta gama aji ɗaya a wata jami'a can gabas, tafiyar da sai an kwana a hanya. Cikin dogon hutu Allah ya sauke ta lafiya, biyu rigis. Komawa can da jarirai biyu, garin da ba ta da kowa, ba zai yiwu ba. A Sakkwato kuwa akwai Inna Aisatu, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta ce a kawo mata su ko yau. Shi ya sa Zulai ta karɓo fom ɗin canjin jami'a. In aka sake ta can, aka karɓe ta a jami'ar Sakkwato, za ta ci gaba daga aji biyu. In ba haka ba, karatu ya tsaya.

An ce ta haɗa fom ɗin da takardar bayanin dalilinta. Ni na kawo shawarar Kawu, don a sanina duk Anka ba wanda ya kai shi iya rubutun da ke sa alƙali ya gyara zama.

Kawu ya gyara tabarau. "To ɗiyata, mi sunka yi miki can?"

"Ba su yi mini komi ba, Kawu."

"Shekara guda cur? Kai Sambo, kai hwaɗa mini."

Ni kuwa na buɗe baki. Na faɗi makin wani kos nata da ya ɓace har ta yi ta kuka kafin a samo shi. Na faɗi ranakun da famfon ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙafe, ga ta da ciki.

"Madalla!" in ji Kawu. Tafireta ta kama ƙara kamar ana sussukar gero. Da ya gama ya karanta da Turanci, sannan ya juya mana da Hausa. Akwai sakaci a ciki, akwai zalunci, akwai wulaƙanta baiwar Allah mai juna biyu. Har wani mai jiran shari'ar gona ya matso yana cewa, "Allah ya isar miki, yarinya."

Zulai ta yi ta dariya har Usaina ta farka. Ta shimfiɗa fom ɗin kan teburin, ta ɗora yatsa a ƙasa.

"Kawu, dubi nan. Wanga wuri na shugaban sashena ne na can, shi za ya sa hannu ya sake ni. Wanga kuma na rajistara. Takardar ga tana manne da fom, su za su hwara karanta ta."

"Ai gara su ji!"

"Su ji mi? Makin nan an samo shi, malamin da kansa ya bi mini shi ofis ofis. Ruwa kuwa, ko a Gummi famfo na ƙahewa. Da ban haihu ba, da yanzu ina can. To don mi zan ce su sunka kore ni?"

Gaskiya ta faɗa. Ko da tana kukan makin nan ba ta taɓa cewa za ta bar wurin ba.

Kawu ya zare takardarsa yana ƙunƙuni. "Takarda ba mai laihi ciki? Tun da nike ban taɓa buga irin ta ba."

"To yau ka hwara, Kawu."

Ta riƙa faɗa yana bugawa. Ta ce ta ji daɗin karatunta a sashen nazarin halittu, ta gode wa malamanta. Ta ce ta haifi 'yan biyu, mai riƙe mata su lokacin lacca tana Sakkwato, kuma kos ɗin da take yi akwai shi a jami'ar garin. Iyakarta ke nan. Kawu ya ɗaga takardar yana kallon rabin shafin da ya rage fari.

"Ko ɗan sakacin nan guda in saka?"

"Kawu!"

Mun yi doguwar tafiyar nan zuwa gabas duk mu huɗu. Tsohon shugaban sashenta ya karanta, ya leƙa fuskar Hassan, ya ce ashe waɗannan ne suka ƙwace masa ɗaliba. Ya yi ɗan rubutu, ya sa hannu. Ofishin rajistara suka buga hatimi, suka ce takardar sakamakonta su za su aika kai tsaye, ba a ba ɗalibi a hannu.

Ana girbin gero aka aiko ta zo ta ga shugaban sashen da take nema a Sakkwato, Dakta Lirwanu. Ni na zauna ofishin sakatariyarsa, wata dattijuwa Malama Tasalla, da yaro a kowane hannu. Ƙofar ciki ba ta rufu duka ba, ina jin su.

"Sakamakonki ya iso, makinki ya kai abin da muke nema," in ji Dakta. "Gurbi kuwa kaɗan ne a aji biyu. Na karanta dalilinki. Amma yanzu daga ni sai ke. Me suka yi miki can?"

Na ce a raina ko dai takardar Kawu ce daidai.

"Alheri suka yi mini, ranka ya daɗe."

"Ba malamin da ya matsa miki? Ba makin da ya ɓace? Kowa ya shigo nan da irin wannan yake zuwa."

"Maki ya taɓa makara, aka gyara. Ba shi ya taso ni ba. Abin da ya taso ni yana nan waje."

Kamar ya ji, Hassan ya tsala kuka, Usaina ta amsa masa. Dakta ya leƙo, ya gan ni ina jijjiga hagu da dama, hulata ta karkace. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Na ga dalili, har biyu. Kai ne angon ƙarni?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sannu da aiki." Ya koma ya ɗauki biro. "Malaminki na can ya rubuta cewa ba su so rabuwa da ke ba. Ni na sa hannu, sashe ya karɓe ki. Saura kwamitin tsangaya da majalisar jami'a su amince, sai ki ga takardarki. Kada ki fara rajista kafin nan."

Zulai ta fito tana rufe baki da gyale, idanunta suna dariya. Ta karɓi Usaina, ta ce a hankali, "Malam, sai mu biya Anka mu hwaɗa wa Kawu an ci shari'a ba mai laihi."

Malama Tasalla ta karɓi fayil ɗin daga ciki. Masinja ya riga ya ɗaure fayilolin da za a kai wa kwamiti, ya kai bakin ƙofa. Ta kira shi da hannu, ta kwance igiyar, ta zura na Zulai a ciki, ta ɗaure. Zulai tana can tana gyara goyo, ba ta gani ba. Kafin in buɗe baki in yi mata godiya, dattijuwar ta juya ga tafiretarta ta ci gaba da bugu.