Tambaya ta Bakwai

Ɗalibai Jan Biro suke ce mini a bayan idona, kuma na sani. Shekara goma sha tara ina koyar da su karatun gwajin jini a makarantar likitoci, ban taɓa ƙara wa wani rabin maki don ya yi kuka ba. Shi ya sa da sakamakon 'yan aji huɗu ya iso teburina, na ga Ta-Baya ta ci arba'in da shida, abin da na ce kawai shi ne Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ta-Baya ɗaliba ce da kullum take zama a bencin ƙarshe, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ba ta tambaya, ba ta amsawa. Wannan ne zamanta na uku a jarrabawar, kuma na ƙarshe. A dokarmu hamsin ake ci. Wanda ya faɗi sau uku sai ya tattara kayansa, shekara huɗu ta tafi kenan.

Akwai wata al'ada a sashenmu da na daɗe ina ganin ɓata lokaci ce: duk wanda za a kora, sai wanda ya yi makin ya sake karanta takardarsa layi-layi kafin zaman malamai. Ranar Talata bayan azahar na ja takardarta, fanka na ta ƙara a kaina, shayina ya huce. Na wuce tambaya shida ban sami abin gyara ba. Sai ta bakwai, wadda ni na rubuta ta, mai maki biyar.

Tambayar a kan ciwon shawara ce. Mutum ɗan shekara arba'in, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga sakamakon gwajin hantarsa. A faɗi ko ƙwayoyin hantar ne suka yi rauni, ko kuwa hanyar da ruwan maɗaciya yake bi ce ta toshe, a kuma kawo dalili.

Abin ba wuya, in mutum ya nutsu. In ƙwayoyin hanta suka lalace, wani sinadari da ke cikinsu, ALT, shi yake zubowa cikin jini ya yi sama sosai, wani sinadarin kuma, ALP, ya ɗan motsa. In hanya ce ta toshe, ko da tsakuwa ko da ƙari, ALP ne yake tashi, sau da yawa ninki uku ko fiye, ALT ya biyo shi a hankali. Kuma ba girman lamba ake kallo ba. Kowanne ana auna shi da iyakarsa ta mai lafiya, a ga sau nawa ya ninka ta. Wannan maganar na faɗe ta a aji har maƙogwarona ya gaji.

A tambayar ALT ɗari biyu da arba'in ne, ALP ɗari uku da sittin. Amsar da na rubuta wa masu maki ita ce toshewa, don a kaina iyakar ALP ɗari da ashirin ce, ga shi ya ninka uku cif. ALT kuwa na ce ai toshewa ma tana ɗaga shi haka. Kusan ajin duka toshewa suka rubuta. Ta-Baya ta rubuta raunin ƙwayoyin hanta, ni kuma na ja mata layi ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, na sa sifili.

A ƙarƙashin layin nan nawa akwai rubutu ƙanana da ban karanta ba a karon farko. Ta raba ɗari biyu da arba'in da iyakar ALT, wato arba'in, ta sami shida. Ta raba ɗari uku da sittin da ɗari uku, ta sami ɗaya da ɗan kaɗan. A gefe ta rubuta: bisa iyakar da aka bayar a takarda.

Na ce, "Ɗari uku kuma? A gidan wa?"

Na jawo takardar tambayoyi. Ga shi nan a layin dama, baƙi a kan fari: iyakar ALP, ɗari uku.

Sai na tuna yadda aka yi. Na ɗauko tambayar ne daga sakamakon wani majinyaci na gaske, na rufe sunansa, na ba sakatariya ta buga yadda yake, har da layin iyakoki. Amsar kuwa a mota na rubuta ta, daga ka, ina jiran 'yata ta fito daga makaranta.

Na sauka ƙasa wurin Baban Lab, dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje tun ina ɗaliba. Na same shi yana jera kwalabe a firiji.

Na ce, "Baba, wannan ɗari ukun kuskuren bugu ne ko?"

Ya ɗaga tabarau ya duba. "A'a, Likita. Watannin nan da babban inji ya lalace ai ƙaramin muka koma. Hanyar awonsa daban ce, iyakarsa ɗari uku. Shi ya sa muke buga iyaka a jikin kowace takarda." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke da kike zagin yara a kan layin dama?"

Na nemi lambar fayil ɗin majinyacin, na je ɗakin ajiya na sa aka zaƙulo shi. Hoton ciki ya nuna hanyoyin maɗaciya ba su kumbura ba, babu tsakuwa, babu ƙari. Gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar hanta ce. Ta-Baya ta yi daidai. ALT ya ninka shida, ALP da ƙyar ya leƙa saman iyakarsa. Ni da ɗalibai saba'in da wani abu muka haddace lamba muka rufe ido.

Wallahi kunya ta kama ni, irin wadda take sa mutum ya ji zafi a kunnuwa. Da na koma gida maigidana ya ga ina juya cokali a kwano ba na ci. Na gaya masa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Yau biro ya ci mai shi."

Na ce, "Ba abin dariya ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma ki bar ni in ɗan more, shekara ashirin ban taɓa ganin kin yi kuskure kin yarda ba."

Washegari da safe na shiga ofishin Farfesa, shugaban sashenmu, na ajiye masa takardun uku a jere. Mutum ne mai son zaman lafiya, ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi. Ya karanta, ya shafa gemu, ya ce abin mai sauƙi ne. A soke tambayar gaba ɗaya, a ce ba ta fito sarai ba, a yi lissafi a kan casa'in da biyar. Ba mai jin komai, baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a don duba jarrabawar ma ba zai tsaya tambaya ba.

Ba zan ɓoye ba, raina ya so hakan. Na ɗauki biro na yi lissafin a bayan ambulan. Arba'in da shida cikin casa'in da biyar, arba'in da takwas da ɗigo huɗu. Za ta tafi gida kenan, da amsar daidai a hannunta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayar ta fito sarai. Amsata ce ba ta fito ba."

Ya ce in an sake maki da amsar gaskiya, duk waɗanda suka rubuta toshewa za su rasa biyar. Mun duba jerin tare. Mutum huɗu ne za su faɗo ƙasa da hamsin. Duka huɗun zamansu na farko ne, suna da damar sakewa bayan wata uku, amma faɗuwa faɗuwa ce, kuma ni na koya musu ɗari da ashirin ɗin kamar karatun sallah.

Farfesa ya ce, "Kuma sai kin tashi a gaban malamai kin faɗa da bakinki, a rubuta."

Na ce na ji.

An yi zaman ranar Alhamis a ɗakin taro mai dogon tebur. Na miƙe na karanta lambobin, na karanta layin dama, na ce amsar da na bayar kuskure ce, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai. Wani abokin aiki da na taɓa kunyatawa a irin wannan zama ya sunkuyar da kai yana murmushi, na gan shi sarai, kuma ya karɓi bashinsa. Baƙon malamin ya karɓi takardar Ta-Baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a sake maki. Ta tashi da hamsin da ɗaya. Huɗun nan na kira su ofis ɗaya bayan ɗaya na gaya musu da kaina. Ɗaya ya yi kuka, kuma wannan karon ban iya kallon bango na jira ya gama ba. Na ce duk ranar Asabar ƙofata a buɗe take har su sake zama.

Ita kuwa ba a same ta a aji ba. Aka ce tana ɗakin kwanan ɗalibai tana haɗa kaya, don ta riga ta ƙirga abin da ta rubuta ta yanke wa kanta hukunci. Na taka har can, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da yayanta a bakin ƙofa yana ɗaure katifa da igiya, littattafai cike da kwali biyu. Ta fito riƙe da bokiti, ta gan ni, ta durƙusa.

"Malama, ina wuni."

Na ce, "Tashi. Kwance katifar nan, kin ci." Na miƙa mata takardarta, na nuna mata layin da na ja. "Wannan ni na yi shi, ban karanta abin da ke ƙasa ba. Ke kika yi daidai, ni na yi kuskure. Ki yafe ni."

Yayan ya saki igiya ya hau hamdala da ƙarfi, har masu wanki suka juyo. Ita kuwa ta daɗe tana kallon takardar. Na zaci godiya za ta yi, har na shirya abin da zan ce don in katse ta.

Ta ce, "Malama, da na ga iyakar ba irin ta littafi ba ce, na san takardar wani ce da gaske. Tun ranar nake tunaninsa. Ya warke?"

Wata biyar takardar mutumin nan tana cikin jakata, na yi tambaya da ita, na yi maki da ita, ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Ba don layin da na ja mata ba, da ko fayil ɗinsa ban buɗe ba.

Na ce, "Ya warke. An sallame shi bayan sati biyu, ya dawo an sake gwaji, ALT ɗinsa ya sauka."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ajiye bokitin, sannan ta fashe da kuka.