Robar Botar Andrawus

Tun kafin a sa wa tashar Birnin Gwari rumfar kwano Yero yake sayar da shayi a bakinta, kuma tun lokacin Ladan direba yake karyawa a teburinsa. Tare suka taso, daga baya Ladan ya auri Saude, ƙanwar Yero, abota ta zama surukuta. Har kofinsa daban Ladan yake da shi, wani tsohon kofin silba mai lanƙwasasshen hannu da ke rataye a ƙusa, ba mai taɓa shi. Kullum da safe, kafin ayarin motocin Kaduna ya tashi ya ratsa daji da rakiyar jami'an tsaro, Ladan zai zauna ya ce, "Yero, lafta mini bota, kada ka yi mini rowar gidanku."

Sai ga shi wata rana ciwon ƙirji ya kwantar da Ladan a asibiti. Ya dawo da jakar magani da tabarau, da kuma wata sabuwar ɗabi'a mai ban haushi: duk abin da zai kai baki sai ya juya bayansa ya karanta.

Ranar da ya fara fitowa, Yero ya yanka masa burodi cikin murna, ya sa wuƙa a bokitin botar da yake sarowa daga masu gidan burodi. Ladan ya ce ya dakata. Ya jawo bokitin, ya bi rubutun da yatsa, mutane suna kallo.

"Likita ta ce abu uku zan duba," in ji shi. "Wannan *saturated*, shi ne maiƙo mai daskarewa irin na man shanu da manja. A rage shi, ba a ce a daina ba. *Trans* kuwa shi ne mugun, yana ƙara kitsen da ke toshe jijiyar jini, yana rage mai amfanin. In kuma ka ga *partially hydrogenated* a jerin kayan haɗi, to mai ne na ruwa aka sarrafa shi ya daskare rabi da rabi, a nan *trans* ɗin yake samuwa. Ga shi nan a bokitinka ɓaro-ɓaro."

Yero ya haɗiye abin da ya taso masa, ya miƙo biskit. "To ci wannan, Dokta Ladan. An ce mini sifili aka rubuta a gaban *trans* ɗin."

Ladan ya juya ledar. "Sifili ne a lissafin biskit biyu, in abin bai kai wani adadi ba sai su rubuta sifili. Wa ke cin biyu ya tashi? Dubi ƙasa, kalmar nan ce dai."

Washegari Ladan ya yi masa sallama daga nesa, ya tsallaka titi ya zauna a teburin Andrawus. Andrawus fa! Yaron da ya baro gonarsu a wajen Dogon Dawa kwanan baya da ƙauyuka suka watse, wanda Yero da kansa ya ara wa butar shayi ya fara sana'a. Matarsa tana aiki a ɗakin shan magani, ita ta zaɓa masa bota mai laushi a 'yar roba mai shuɗin murfi, wadda babu wannan kalma a jikinta. Tsada gare ta, shi ya sa tsofaffin masu shayi ba sa kallonta.

Ba cinikin ne ya dami Yero ba, teburinsa cike yake. Dariyar ce. Yana zuba shayi yana jiyo Ladan yana ba Andrawus labarin da shi ya kamata a fara ba, na tayar da ta fashe masa a hanyar Kuyello. Kishi ya kama Yero sosai, irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa. Da Andrawus ya gaishe shi, "Baba Yero, ina kwana," sai ya amsa da hanci. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: kofin silban yana nan a ƙusarsa, Ladan bai ɗauka ba.

Da ya tambayi yaron nan inda ake sayen botar, da an gaya masa a take. Amma Yero ya tambayi Andrawus? Ya gwammace ya sha shayinsa ba sukari har ya mutu. Sai wata hantsi ya hangi roba mai shuɗin murfi a kwandon shara bayan rumfar Andrawus. Ya waiga, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya jefa ta aljihu. A gida ya wanke ta, ya narka botar bokitinsa kaɗan, ya sirka da man gyaɗa don ta yi laushi, ya cika robar ya shafe samanta da bayan cokali. Ya ce wa kansa ai ba guba ba ce, shekara da shekaru Ladan yana cinta bai faɗi a teburin ba. Ya san dai ba haka take kisa ba, a hankali take yi, amma ya ƙi tsayawa kan wannan tunanin.

Da safe ya ajiye robar a tsakiyar tebur, rubutun yana kallon titi. Ladan ya zo wucewa ya ja birki da ƙafa. Ya sa tabarau, ya karanta gaba da baya, sannan ya ciro kofinsa daga ƙusa da kansa.

"Ashe kana so na, ɗan rowa," ya ce yana dariya. "Wallahi shayin yaron can ruwa ne. Dole ce ta kai ni."

Daɗi ya cika Yero har kunne. Sati guda ya yi yana ɗaga murya in yana hira, don a jiyo a tsallaken titi. Sai dai duk lokacin da Ladan ya kai burodin baki, Yero kan sami abin gogewa a can ƙarshen tebur.

Ran Juma'a Ladan ya zo da 'yar tasa mai murfi. Ya gutsiri burodinsa, ya turo ta.

"Ɗibar mini ta gida. Saude ma an auna ta, jininta ya hau, sun ce ta kiyayi irin waccan ta bokiti. Ta ce tunda ta wurin Yaya ce, hankalinta kwance. Ni ma na bar karance-karance a nan, abin da ka ba ni shi ke nan."

Yero ya riƙe cokali. Saude ce, wadda ya goya a bayansa zuwa gona. Ya ce botar ta kusa ƙarewa. Ladan ya leƙa ya ce ai ga ta nan cike, kuma abin mamaki kullum cike take, robar ba ta sakewa, ga ma tsagar murfin nan ta ranar farko. Yana faɗin haka sai dariyarsa ta tsaya.

Yero ya ajiye cokalin. Ya sunkuya ya jawo bokitin daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora shi kusa da robar.

Ladan ya dubi bokitin, ya dubi robar, ya ajiye sauran burodin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya shanye shayinsa, ya ɗebi ruwa ya ɗauraye kofin silban. Yero ya miƙa hannu zai karɓa ya rataye kamar kullum.

"Bar shi," in ji Ladan. Ya sa kofin cikin tasar da ya zo da ita, ya rufe, ya tsallaka titi.