Keken da Bai Fito a Hoto Ba

Ranar da babbar 'yarta, wadda 'yan gida ke kira Injiniya, ta bugo waya daga garin da take aiki ta ce a turo mata hoton falo, Umma ba ta yarda an ɗauka haka nan ba. Ina! Hoton da abokan aikin yarinya za su iya leƙawa? Ta sa mijinta, Abba, ya kama mata suka ja keken ɗinkinta zuwa ɗakin kwana, ta kwashe buhun ƙyallaye da kwandon zare, ta share, ta ɗage labule. Sannan Abba ya tsaya a bakin ƙofa da rana tsaka ya ɗauka. Ya kuma auna bango huɗun da tef ɗinta, ya tura, sannan suka mayar da keken wurinsa.

Injiniya ta saka hoton a wata manhaja, ta yi ta canza launin bango tana ɗora kujeru kala-kala a ciki, har ta tsaya a kan shuɗi mai duhu da doguwar kujera mai lanƙwasa. Da ta turo, Umma ta kalla babu tabarau ta ce ya yi kyau. Ita a zatonta irin hotunan nan ne na kalanda.

Bayan mako uku, ta dawo daga sayen zare ta tarar da kekenta a tsakar gida. Mai fenti ya gama jiya, ɗakin ya yi duhu kamar cikin rijiya, ta haɗiye wannan. Yau kuma ga kafinta yana ɗaure kujera, ta bi bango ta lanƙwasa ta zauna daram a ƙarƙashin taga. Nan ne kaɗai a gidan Umma take ganin kafar allura. Shekara ashirin da shida a nan take ɗinki, har ƙafafun keken sun yi wa siminti rami.

"Malam kafinta, a ina zan zauna?"

"Ga wuri nan, Hajiya, mutum bakwai take ɗauka."

"Mutum bakwai za su ɗinka mini kayan mutane?"

Kafinta ya ciro waya ya nuna mata. "Wallahi abin da aka ba ni ke nan. Ga hoto, ga awo. Ko inci ɗaya ban ƙara ba."

Abba, yana kan sabuwar kujerar har ya miƙe ƙafa, ya ce, "Laushi gare ta fa."

"Kai dai yi shiru, Malam. Da tef ɗina ka auna, ba ka iya cewa a bar wa mai tef wuri ba?"

Ta kira Injiniya, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Umma, kin gani? Kamar otal ko?"

"Otal na gani. Ina kekena zai zauna?"

"Ai babu keke a hoton, Umma."

"Babu keke a hoton! A hoton kika girma? Ƙarƙashin keken nan kika yi rarrafe, fil nawa na ƙwace a bakinki? Kin ga ɗaki babu shi, ranki bai ce miki wani abu ya ɓace ba?"

"Na ɗauka kin mayar da shi ciki ne kin huta. To me ya sa kuka fitar da shi? Manhaja abin da ta gani take yi wa aiki, ba ta san gaibu ba."

"Don kada a ce gidan su Injiniya tarkace ne! Mutuncinki na rufa."

"Ni ban taɓa jin kunyar kekenki ba, Umma."

Wannan maganar ta shigi Umma, amma ba ta sauko ba. "Fentin fa? Baƙin zare da shuɗi yanzu duk ɗaya ne a idona."

"A hoton da haske sosai…"

Kafinta ya yi gyaran murya. "Waya ƙara wa ɗaki haske take yi, ranki ya daɗe, bare an ɗauka da rana tsaka. Shi ya sa ake fara shafa kaɗan a bango, a gani safe da yamma."

"Kin ji ko? Har kafinta ya sani."

Umma ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin kujerar. Gida biyu ce, an haɗa da ƙusoshi masu noti. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Kwance wannan ɓangaren na taga."

"Hajiya, gefen zai tsaya tsirara, babu hannu."

"Ni tela ce, zan yi masa riga. Malam, tashi."

"Yanzu fa na zauna."

"Tashi ka kama masa, ku kai ɗakinka ka yi ta jin laushi."

Ta waya Injiniya ta ce, da ƙaramar murya, za ta turo mai fenti ya shafa launi uku masu haske kusa da taga, Umma ta zaɓa da idonta.

"Ya zo da safe," in ji Umma, "lokacin da nake aiki."

Abba da kafinta suka shigo da keken su biyu, Abba yana nishi kamar shi kaɗai ya ɗauko. Umma ta zauna, ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura wajen taga. Sai a karo na uku ya shiga. Ta yi tsaki, ta jawo rigar da za a zo karɓa da la'asar, ta taka.