Minti Arba'in da Bakwai na Iya Stoyna

Ni Zahari, shekara talatin ina tuƙa bas a duwatsun Rodopi, amma ban taɓa ganin mutanen da suka iya kayar da kansu irin na garinmu ba. Har da ni a ciki, ba na musu.

Ƙauyukanmu biyu ne, Breza ta Sama inda muke, da Breza ta Ƙasa inda waɗancan masu bakin suke. Hukuma ta ce za ta buɗe ƙaramin asibiti guda ɗaya, da nas kullum, likita kuma ran Talata. Mu muka ce a sa shi a tsohuwar makarantarmu, su suka ce a nasu ɗakin taro. Ni abin ya fi damuna, don matata Velika ciwon suga ya bar mata gyambo a ƙafa, sai an wanke sau biyu a mako. Bas kuwa tun da na ajiye aiki aka soke layin. In asibiti ya tafi ƙasa, da ƙafar nan za ta riƙa zuwa.

Aka turo wata ma'aikaciya, Malama Rumyana, da takalmin hawan dutse da agogo rataye a wuya. A taro wani ɗan Ƙasa ya shimfiɗa taswira, ya ce kilomita biyu ne kacal tsakaninmu.

"A miƙe ke nan," in ji ta. "Hankaka ne zai zo awon jini? Hanyar ƙafa nake aunawa, da minti. Sharaɗin da aka ba ni, kada wani gida ya wuce tafiyar awa ɗaya. Na ƙirga gidajenku, na san tsofaffi nawa ne da masu goyo. Ran Asabar kowane gari ya ba ni mai tafiya daga gidansa na ƙarshe, in gani da idona."

Ai kuwa muka samu dabara. In mai tafiyarmu ya wuce awa kafin ya kai Ƙasa, nasu wurin ya faɗi. Wa ya fi kowa nawa a garin? Iya Stoyna, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda in ta fita sayen gishiri da safe sai la'asar ake ganinta. Kwana uku muna koya mata. Na ara mata sandar kakana, wani ya kawo takalman da suka yi mata yawa, muka nuna mata duwatsu bakwai da za ta zauna ta yi nishi.

"Iya, nishin nan bai fito ba," na ce. "Ƙara."

"Kai Zahari, ni za ka koya wa nishi? Da ubanka na yi maƙwabtaka."

Ina ta wannan hidima Velika ta ce daga kan kujera, "Me zai hana ni in je?" Na ce haba, ke da ba ki da lafiya, wannan aiki ne na ƙwararru. Ta dube ni kawai ta ci gaba da ɓarar wake.

Ran Asabar da safe aka fara da 'yan Ƙasa. Sun kawo nasu tsoho, Ilcho, ya hau zuwa makarantarmu yana tari kamar tsohuwar mota. Awa ɗaya da rabi. Gaskiya ko bai yi tarin ba hawan zai cinye awa, don haka wurinmu ya faɗi tun kafin hantsi. Ya rage mu kayar da nasu.

Malama Rumyana ta danna agogo a ƙofar gidan ƙarshe na garinmu. Iya ta fara lafiya lau. Dutse na farko ta zauna, nishi ya fito tsaf, har na ji alfahari. Muna biye da ita, mu kusan ashirin. Sai ga Ilcho, da ya huta ya cika ciki da kindirmonmu, ya zo zai wuce gida. Ya ɗaga hula.

"Sannu Stoyna. Ashe haka kika zama? Ke da a da ba mai kamo ki a gangaren nan. Bari in je in turo miki jaki."

Na ga kunnuwanta sun yi ja. Na ce, "Iya, rabu da shi, tarko ne!"

Ina! Ta miƙo mini sandar kakana, ta cire takalman ta rataya a wuya, ta tattare siket. Wallahi tsohuwar nan ta zuba a gangare kamar akuya ta hango lambu. Muna gudu muna ihu, "Iya, dutse na uku! Zauna!" tana cewa uwar dutsen. Ta wuce Ilcho a gadar da ke tsakanin garuruwan biyu, ta juyo ta ce ya gai da jakin. Magajin garinmu ya faɗi a cikin ƙaya. Malama Rumyana da kanta sai da ta yi sassarfa.

Minti arba'in da bakwai. 'Yan Ƙasa suka ɗaga Iya sama suna tafi, suka fito da farantan banitsa mai zafi, wato gashin fulawa da cuku a ciki. Ita kuwa sai washe baki take, ta manta sam don me aka zo. Na zauna a bakin ɗakin taro, raina ya ɓaci, na ci yanka uku don haushi.

Na daɗe a nan kafin na lura Malama Rumyana ba ta ci komai ba. Tana tsaye a bakin hanya, agogo a hannu.

"Malama, ai an gama."

"Mutum biyu suka taso daga gidan ƙarshe," ta ce. "Ɗaya ce ta iso."

Can sai ga Velika ta ɓullo ta kwanar cocin, ita kaɗai, riƙe da wani reshe da ta tsinta. Tana jan ƙafar, ba nishi ba komai. Bandejin ya jiƙe har ya ɓata silifas. Ilcho ya cire hula. Ta zo ta dafa katanga ta ce, "Nawa?"

"Awa ɗaya da minti hamsin da biyu, Inna," in ji Malama Rumyana. "A ina kika huta?"

"A gada, bakin tsohon ɗakin tara madara. Na duba agogona, minti hamsin zuwa can. Daga nan ne gangaren ya yi mini tsaye."

Malama Rumyana ta rubuta. Ta ce wurare biyun duk sun faɗi, gobe za ta auna ɗakin madarar daga gidajen ƙarshe na garuruwan biyu, hawa da sauka, in rufinsa zai gyaru. Nan take rigima ta tashi, kowa na cewa wurin warin cuku yake. A can ɗin aka buɗe asibitin daga baya, kuma har yau da warinsa.

Ni dai ban ji rigimar ba. Kunya ce ta rufe ni. Wata biyu ina yawo a gari ina ba da labarin ƙafar nan, na wuce mai ƙafar a hanya ina bin wata tsohuwa da gudu. Na durƙusa zan duba bandejin.

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na kira," ta ce. "Sau biyu. Kana ta ihun dutse na uku."

Na juya mata baya na ce ta hau. Ta ce in bari ta ci abinci tukuna, in har na rage mata.