Ƙafafun Teburan Laburare

Shekarunta arba'in da biyu, ga 'ya'ya uku, amma a shagon har yau Auta ake ce mata. Shagon na yayyenta biyu ne. Yaya Babba kafinta ne, shi ke da gaban shago. Yaya Ƙarami mai walda ne, yana can baya inda tartsatsi ba zai tarar da garin katako ba. Ita kuwa tana tsakiya, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da tarin takardu. Tun da ta bar koyarwa duk wata takardar Turanci hannunta take biyowa.

Ranar Litinin da hantsi takardar sabon aiki ta iso. Wani laburaren unguwa ne ke son tebura ashirin da kujeru tamanin, kuma wani injiniya ya rubuta ƙa'idojin aikin shafi shida: tsawo, faɗi, kaurin katako, irin fenti. Auta ta tara yayyenta tana karantawa tana juya musu da Hausa, komai na tafiya daidai, sai da ta kai layi na huɗu a shafi na biyu. Nan ta yi turus.

Abin da layin ya ce shi ne a kawo tebura da kujeru masu ƙafafun ƙarfe. Ta sake dubawa. A Turancin ma haka maganar ta zauna, batun ƙafafun ya zo a ƙarshen jimla, babu abin da ya nuna ko kujerun kaɗai yake nufi ko har da teburan.

Yaya Babba bai ga abin tsayawa ba. Ya ce magana a fili take, kujeru ne masu ƙafar ƙarfe, tebur kuwa tun da aka halicci duniya da ƙafar katako aka san shi. Yaya Ƙarami ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi ya ce shi bai yi boko mai nisa ba, amma kunnensa ya ji an haɗa tebura da kujeru a numfashi ɗaya, kuma wanda ya haɗa su bai raba musu ƙafa ba.

"Kowannenku ya karanta sana'arsa ne kawai," in ji Auta. "Ni ban ga ko ɗaya a rubuce ba."

Ta koma ɗakinta ta bi takardar tun daga farko, ko wani shafin zai tona asirin wannan. Zanen teburin daga sama aka yi shi, fuskarsa kawai ake gani. Jerin kayan aiki ya faɗi kaurin bututun ƙarfe amma bai faɗi yawansa ba, da ta lissafa ta gane ko na kujeru ne kaɗai. Shafi na biyar ya ambaci katakon fuskar tebur da na mazaunin kujera, ya yi shiru game da ƙafa. Wannan ya ɗan karkata wajen Yaya Ƙarami, sai dai Auta ba ta ga ya isa a yanka ƙafafu tamanin a kansa ba. In aka yanka aka kai aka ce ba haka ba, sati biyu sun tafi a banza.

Ta buga waya ofishin injiniyan. Sakatarensa ya ce maigida ya yi tafiya duba wani gini, sai Alhamis, kuma shawararsa ita ce su bi abin da aka rubuta. Auta ta yi masa godiya, ta ajiye wayar ta yi dariya ita kaɗai.

Daga nan ta ɗauki farar takarda. Ta kwafe jimlar yadda take, da lambar shafi da ta layi. A ƙasa ta zana tebur biyu, ɗaya da ƙafar katako, ɗaya da ta ƙarfe, kowanne da ɗan akwati a gefe. Ta rubuta cewa don Allah a sa alama a ɗaya a sa hannu, kuma ba za a taɓa ƙafafun tebur ba sai amsa ta zo. Ta aika wa ofishin, ta manna kwafi a ƙofarta.

Yaya Babba ya yi ƙorafin cewa za a zauna kwana uku ana kallon juna saboda layi ɗaya. Ta ce babu mai zama. Kujerun dai ko ta wace fuska aka karanta ƙafar ƙarfe gare su, fuskokin tebur kuma katako ne, to kowa ya kama nasa. Haka aka yi. Zarto na kuka a gaba, injin walda na amsawa a baya, kuma duk sa'ad da 'yan'uwan suka haɗu a bakin famfo sai ɗaya ya tambayi ɗaya lafiyar Turancinsa.

Ran Alhamis injiniyan ya zo da kansa, dattijo mai furfura da fara'a, da takardar Auta a aljihu. Aka ba shi kujera. Ya sa tabarau ya karanta jimlar tasa sau biyu, ya ɗago kai.

"Ni na rubuta wannan?"

"Sa hannunku ne a ƙasa, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce gaskiya ɗaya ce, daga takardar wani tsohon aiki ya ɗauko layin, kuma in ya ce ya tuna abin da yake nufi a lokacin ya yi ƙarya. Yaya Babba ya matso zai taya shi tunawa, Yaya Ƙarami ma ya gyara murya. Auta ta riga su. Ta ce tunda mai maganar ya manta, ai akwai waɗanda za su zauna da teburan, me zai hana a tambaye su?

Injiniyan ya kira shugabar laburaren, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Matar ba ta ko yi dogon tunani ba. Ta ce kullum da safe da ruwa suke wanke daɓen, kuma tsofaffin teburansu ta ƙafa suka ruɓe, saman nan garau. Ƙarfe take so, a yi masa fentin hana tsatsa, a sa roba a ƙasa kada ya riƙa ƙara yara na karatu.

Nan take injiniyan ya sa alama a akwati na biyu. Ya soke tsohon layin ya rubuta biyu a madadinsa, ɗaya na tebura, ɗaya na kujeru, ya ƙara batun fenti da roba, ya sa hannu da kwanan wata. Ya ce zai aika wa laburaren kwafi. Yaya Ƙarami ya sauke gilashinsa ya nufi baya yana fito.

Bayan baƙon ya tafi, Auta ta je neman tsintsiya a bayan tulin katako, sai ta ci karo da wani abu a lulluɓe da buhu. Ta yaye. Ƙafafun tebur ne guda huɗu na katako, an fere su an goge sumul.

"Yaya, waɗannan fa?"

Yaya Babba ya sosa ƙeya ya ce gwaji ne kawai, hannunsa ne ya ƙi zama.

Ta juya ɗaya a hannu. Aiki ne mai kyau, ba ta musu. Ta ce tebur ɗin ɗakinta ya shekara yana rawa, kuma ita ba kullum take wanke daɓe ba. Kafin la'asar ya haɗa mata sabo, shi da ƙaninsa suka cicciɓo shi suka shigar, suna gardamar wa ya fi riƙe gefe mai nauyi.